Akanta da Matsin Lambar Manaja a Ƙarshen Shekara

A jarrabawar ƙwararrun akantoci, irin ta ICAN da ACCA, akan kawo tambaya kamar haka: kamfani zai rufe littattafansa ranar 31 ga Disamba, sai manaja ya umarci akanta ya shigar da cinikin naira miliyan 40 cikin lissafin shekarar, alhali sai 10 ga Janairu za a kai wa mai saye kayan. Dalilinsa shi ne banki ba zai sabunta bashi ba idan riba ta ragu, ya kuma nuna wa akantan cewa ƙarin girmansa na hannunsa.

Ana so ɗalibi ya fara da gano laifin. Ciniki ba ya shiga lissafi sai kaya sun koma ƙarƙashin ikon mai saye, don haka wannan kuɗi na sabuwar shekara ne. Shigar da shi yanzu yaudarar banki ce, ya kuma saɓa wa gaskiya da rashin son zuciya, biyu daga cikin ginshiƙai 5 na ƙa'idar aikin. Asirin ma ba ya daɗewa, domin mai binciken kuɗi yakan gwada ranar rasit da ta takardar fitar kaya daga sito.

Daga nan sai matakai. Akanta zai tabbatar da hujjojinsa, ya bayyana wa manajan ƙin amincewarsa a rubuce, ya adana kwafi. Idan manaja ya nace, sai ya kai maganar ga daraktan kuɗi ko kwamitin binciken kuɗi, ya nemi shawarar ƙungiyarsa ko lauya kafin ya fitar da sirrin kamfani waje. Ajiye aiki shi ne mataki na ƙarshe. Cewa "umarni aka ba ni" ba ya wanke akanta a gaban kwamitin ladabtarwa.