Yadda ake tantance takardar tayin rance kafin sa hannu: lissafin N600,000 daga Mashegu

A duk lokacin da damina ta ƙarato, manoma da 'yan kasuwar hatsi a Ƙaramar Hukumar Mashegu ta Jihar Neja kan nemi rance domin sayen taki, iri da maganin feshi, ko domin biyan kuɗin huɗa. Wasu kan bi ta ƙungiyoyinsu na gama kai, wasu kuma su nufi Kontagora, hedikwatar masarauta, inda rassan bankuna suke. Idan banki ya amince da buƙatar mutum, yakan ba shi takardar tayin rance, kuma da zarar ya sa mata hannu ta zama yarjejeniyar da za a riƙe shi da ita. Duk abin da ma'aikacin banki ya faɗa da baki, in ba ya cikin takardar, ba shi da nauyi ranar da saɓani ya taso.

Abubuwa uku ne a cikin takardar ya wajaba su yi daidai da juna: adadin kuɗin ruwa da aka ambata, jadawalin biya da aka liƙa mata, da jimillar abin da mai karɓar rance zai mayar. Daga biyu daga cikinsu ana iya fitar da na ukun da biro da takarda. Idan lissafin bai fita ba, to ko dai an yi kuskure wajen bugawa, ko kuma akwai wani sharaɗi da ba a bayyana ba.

A ɗauki misalin manomin masara da waken soya da aka yi wa tayin N600,000 na tsawon wata shida, da kuɗin ruwa kashi 4 cikin 100 a wata. Alƙaluman na misali ne, ba na wani banki ba. Abu na farko da zai tabbatar shi ne ko kashi 4 ɗin na wata ne ko na shekara, domin bankunan kasuwanci sun fi ambaton na shekara, ƙananan bankuna kuma sukan ambaci na wata. Kashi 4 a wata daidai yake da kashi 48 a shekara. Wanda ya kwatanta shi da kashi 9 a shekara, wanda shi ne iyakar da aka sa wa shirin rancen manoma na Babban Bankin Najeriya da aka ƙaddamar a Jihar Kebbi a watan Nuwamban 2015, zai iya zaton ya samu mai sauƙi, alhali ya ninka wancan fiye da sau biyar.

Tambaya ta biyu ita ce mafi tsada: a kan wane kuɗi ake ɗora kashi 4 ɗin? Hanyoyi biyu ne. A ta farko, ana lissafa ruwan a kan ragowar bashin da ba a biya ba. Idan manomin yana mayar da N100,000 na uwar kuɗi kowane wata, ruwan watan farko N24,000 ne, saboda duka N600,000 na hannunsa. A wata na biyu saura N500,000 a kansa, don haka ruwan ya sauka zuwa N20,000. Haka zai ci gaba da raguwa, N16,000, N12,000, N8,000, har zuwa N4,000 a watan ƙarshe. Jimillar ruwan N84,000 ce, abin da zai mayar gaba ɗaya kuma N684,000.

A hanya ta biyu, ana ɗora ruwan a kan ainihin kuɗin da aka karɓa tun farko, ba tare da la'akari da abin da aka riga aka biya ba. Kowane wata N24,000 ne, sau shida, wato N144,000. Jimillar biya ta zama N744,000. Adadin da aka ambata bai sauya ba, tsawon lokaci bai sauya ba, amma bambancin ya kai N60,000. A watan ƙarshe na wannan tsari, manomin yana biyan ruwan N24,000 a kan N100,000 kacal da ta rage a hannunsa. Idan aka auna shi da ma'aunin hanyar farko, ainihin ruwan ya kai kusan kashi 6.5 cikin 100 a wata.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne biyan farko iri ɗaya ne a tsarin biyu, N124,000. Wanda ya tambayi ma'aikaci nawa zai fara biya, ya ji amsa, ya gamsu, bai gano komai ba tukuna. Layi na biyu na jadawalin ne ke tona asiri. Idan ya nuna N120,000, sannan na uku N116,000, to ruwan yana bin ragowar bashi. Idan kuwa N124,000 ce daga sama har ƙasa, ana lissafi ne a kan kuɗin farko. Wannan tsari na biyu ba laifi ba ne muddin an rubuta shi a fili kuma mutum ya amince da shi da saninsa. Matsalar ita ce shafin farko ya ce ruwa na bin ragowar bashi, jadawali kuma ya fito da N744,000. Irin wannan takarda ba a sa mata hannu sai an gyara ɗaya daga cikin biyun.

Sai dai a yi hattara, ba kowane jadawali mai biya iri ɗaya kowane wata ne ke nuna tsari na biyu ba. Bankuna da dama na lissafa ruwa a kan ragowar bashi, amma su daidaita biyan domin ya zo da sauƙin tunawa. A misalinmu hakan zai ba da kimanin N114,457 a wata, jimilla kusan N686,700. Alamarsa ita ce a ginshiƙin ruwa adadin yana sauka, a ginshiƙin uwar kuɗi kuma yana hawa. Saboda haka ya kamata a nemi jadawalin da ya raba kowane biya gida biyu, ya kuma nuna ragowar bashi bayansa. Ginshiƙin uwar kuɗi, in an tara shi, dole ya ba da N600,000 cif, ragowar layin ƙarshe kuma ta zama sifili.

Ga manomi, ranakun biya na da nauyi kamar adadin ruwan. Wanda ya karɓi kuɗi a watan Yuni ba zai ga kuɗin masararsa ba sai wajen Oktoba ko Nuwamba, don haka jadawalin da ya fara neman biya a Yuli na ɗan tireda ne mai ciniki kullum. Shi ya sa ake ba manoma wa'adin sarari kafin fara biya, kuma a nan ma akwai abin tambaya. Shin sararin na uwar kuɗi ne kaɗai, ko har da ruwa? Mafi yawan lokaci ruwan yana ci gaba da taruwa. Sararin wata uku a kan N600,000 na nufin ƙarin N72,000, kuma ya kamata a gan shi a jadawali, a kuma gan shi a jimilla. Idan an shirya biyan komai a lokaci guda bayan girbi, a ƙarshen wata na shida, N744,000 daidai ne, domin kuɗin duka sun zauna a hannunsa tsawon lokacin. Amma idan jimillar ta nuna kimanin N759,200, to ana haɗa ruwan kowane wata da uwar kuɗi, ruwa yana haifar ruwa. Wannan ma sai an rubuta shi kafin ya hau kan mutum.

Bayan ruwa sai kuɗaɗen da ake cirewa tun kafin rancen ya shiga asusu. Jagorar cajin bankuna ta Babban Bankin Najeriya da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020 ta ƙayyade cewa kuɗin gudanar da rance kada ya wuce kashi 1 cikin 100 na uwar kuɗi, kuma sau ɗaya ake karɓarsa. A misalinmu N6,000 ke nan, da harajin kashi 7.5 cikin 100 a kansa, wato N450. A ƙaddara an ƙara inshorar N6,000. Abin da zai shiga asusun manomin N587,550 ne, amma ruwan a kan N600,000 ake lissafa shi. Hanya mafi aminci ta sanin tsadar rance ita ce a tara duk abin da zai fita daga aljihu, a cire abin da ya shigo hannu da gaske. A tsarin ragowar bashi tsadar ta zama N96,450, a ɗaya tsarin kuma N156,450. Wannan shi ne adadin da ya dace manomi ya mayar zuwa buhunan masara a farashin kaka, lokacin da hatsi ke araha, ya ga ko gonar za ta iya ɗauka. Idan kuma an ce sai an ajiye wani kaso na rancen a asusun da ba a taɓawa, shi ma a cire shi daga abin da ya shigo hannu.

Takardu da yawa na ɗauke da adadin da ake rubutawa da haruffan APR, wato tsadar rance a shekara idan an haɗa ruwa da sauran caji. A rancen kashi 4 a wata, ba zai yiwu ya gaza 48 ba. Idan ya gaza, alƙaluman takardar ba su jitu ba.

Saura sharuɗɗa guda uku da kan ɓuya a shafukan baya. Na farko shi ne ko ruwan tsayayye ne ko yana iya sauyawa. Jagorar 2020 ta ce sai an sanar da abokin hulɗa aƙalla kwana 10 na aiki kafin a sauya. Na biyu tarar jinkiri, wadda jagorar ta taƙaita ga kashi 1 cikin 100 a wata a kan abin da aka kasa biya, ƙari a kan ruwan da ake ciki. Na uku izinin da mai rance ke bayarwa na a cire bashin daga sauran asusunsa a wasu bankuna ta hanyar lambar BVN, tsarin da ya fara aiki ranar 1 ga Agustan 2020.

Waɗanda ke guje wa riba, suna hulɗa da bankunan da ba sa ta'ammali da kuɗin ruwa irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, su ma wannan bincike ya shafe su. A cinikin murabaha banki ne ke sayen kayan, ya sayar wa mutum da ribar da aka sani. Farashin saye da riba, in an haɗa su, dole su yi daidai da farashin sayarwa, kuma jimillar jadawali ta yi daidai da shi.

Da yake da Ingilishi ake rubuta waɗannan takardu, wanda bai iya karanta shi ba ya karɓi kwafi ya kai wa wanda ya yarda da shi, ko sakataren ƙungiyarsu, su yi lissafin tare. Idan an samu saɓani, a nemi a buga sabuwar takarda maimakon gyara da biro. Wanda kuma ya gano bambancin bayan ya sa hannu, zai fara kai ƙorafi a rubuce ga bankin, ya karɓi shaidar shigar da shi. Idan wa'adin da aka ƙayyade ya wuce ba a warware ba, yana da damar kai batun Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na Babban Bankin Najeriya, tare da kwafin takardar tayin, jadawalin biya da bayanin asusunsa.