Ranar Sallamar Masu Hannun Jari Mai Fifiko: Kuɗi Ya Fita, Jari Bai Ragu Ba

A ɗauka wani kamfanin casar shinkafa ne a Kano ya so sayen sabon inji shekaru biyar da suka wuce. Bai je banki ba, kuma masu kamfanin ba su so baƙo ya shigo ya raba iko da su. Sai suka sayar da hannun jari mai fifiko na naira miliyan 20, bisa sharaɗin za a riƙa biyan masu shi kashi 10 cikin ɗari kowace shekara kafin kowa ya taɓa riba, kuma bayan shekara biyar a mayar musu da kuɗinsu har da ƙarin kashi 5 cikin ɗari. Yanzu wa'adi ya cika. Mai nema ya zo karɓar abinsa.

Wannan mayarwar ita ake kira fansar hannun jari. A ido, aikin bai wuce tura kuɗi daga banki ba. A littafin akanta kuwa akwai shigarwa guda da babu ko kwabo da ke motsi a cikinta, amma ita ce doka ta fi sa wa ido.

Dalilin yana da tarihi. A shekarar 1887 kotun ƙoli ta Birtaniya a lokacin, wato Majalisar Dattawan ƙasar, ta yanke hukunci a shari'ar Trevor da Whitworth. Wani kamfanin masaƙa ya sayi hannun jarinsa daga wani mai hannun jari, bai gama biya ba ya durƙushe, magada suka zo neman ragowar kuɗin. Kotu ta ce cinikin tun asali haramtacce ne. Hujjarta ita ce, wanda ya ba kamfani bashi ba shi da ikon bin masu kamfanin har gida ya kama dukiyarsu. Abin da ya dogara da shi kawai shi ne jarin da aka zuba. In aka bar masu jari suna zare nasu ta bayan gida, mai bin bashi zai wayi gari ya tarar da rumbu fanko.

Daga baya, a dokar kamfanoni ta 1929, Birtaniya ta buɗe ƙofa kaɗan: ana iya fitar da hannun jari mai fifiko wanda za a fanshe, amma da sharuɗɗa. Ƙasashen da suka gaji dokar Ingila, irin su Nijeriya da Indiya, sun ɗauki tsarin. A Nijeriya yana cikin dokar kamfanoni ta 2020, wadda Hukumar Rajistar Kamfanoni ke kula da ita. Ba a fansar hannun jarin da ba a gama biyan kuɗinsa ba. Kuma kuɗin fansa hanya biyu kawai gare shi: ko daga ribar da ta halatta a raba wa masu hannun jari, ko daga kuɗin sabon hannun jarin da aka sayar musamman don wannan. In ta hanyar riba aka bi, dole a ɗauki daidai ƙimar asali ta hannun jarin da aka fansa daga ribar, a mayar da ita wani asusu da ake kira ajiyar fansar jari.

A koma kamfanin shinkafar. Kafin ranar biya, littafinsa ya nuna hannun jari na gama-gari naira miliyan 50, mai fifiko miliyan 20, da tarin ribar da ba a raba ba miliyan 35. Jimilla miliyan 105 ke nan na masu kamfani. Manoma da dillalan da suka kawo shanshera bashi suna bin miliyan 40. A ɗaya ɓangaren, akwai miliyan 30 a banki, sai injuna da gini da buhunan da ke sito na miliyan 115.

Akanta yana rubuta kowace hulɗa sau biyu, hagu da dama. Ta hagu ita ce debit, ana taƙaita ta da Dr, ta dama kuwa kiredit, wato Cr. Jari da riba da bashin da ake bin kamfani a dama suke zaune, don haka in za a rage su sai a rubuta a hagu. Kuɗin banki a hagu yake, raguwarsa a dama. Shigarwa ta farko tana mayar da masu hannun jarin daga matsayin masu kamfani zuwa masu bin kamfani kuɗi:

```
Dr  Hannun jari mai fifiko       20,000,000
Dr  Ƙarin kuɗin fansa             1,000,000
    Cr  Masu hannun jarin fifiko     21,000,000
```

Miliyan ɗayan nan shi ne kashi 5 cikin ɗarin da aka yi alkawari. Sai biya:

```
Dr  Masu hannun jarin fifiko     21,000,000
    Cr  Banki                        21,000,000
```

An sallame su, asusunsu ya rufe, banki ya sauko daga miliyan 30 zuwa 9. Saura ƙarin miliyan ɗaya da ke rataye a hagu ba mai shi. Dokar Nijeriya ta yarda a share shi daga riba, ko daga asusun rarar da aka samu lokacin da aka sayar da hannun jari sama da ƙimarsa. Wannan kamfanin ba shi da irin wannan rara, don haka riba ce za ta ɗauka:

```
Dr  Tarin riba                    1,000,000
    Cr  Ƙarin kuɗin fansa             1,000,000
```

A nan ya kamata a tsaya a dubi littafin, domin wanda ya ajiye biro a wannan gaɓar zai ga komai ya daidaita. Hagu ta yi daidai da dama. Amma me ya faru da masu bin bashi? Jiya jarin da ba a taɓawa miliyan 70 ne, yau ya koma 50. Tarin riba kuwa yana nan miliyan 34, kuma babu abin da zai hana daraktoci su zauna gobe su ce a raba shi kaf. Ba su da tsabar kuɗin a hannu, gaskiya ne, amma suna iya sayar da shinkafar da ke sito ko su ci bashi su biya kansu. Manomin da ya ba da shanshera saboda ya ga kamfani mai jarin miliyan 70 an zare masa tabarma yana zaune a kai. An ce daga riba aka biya fansa, alhali ribar ba ta ji a jikinta ba. Jari ne ya rame.

Shigarwa ta huɗu ita ke toshe wannan kafa:

```
Dr  Tarin riba                   20,000,000
    Cr  Ajiyar fansar jari           20,000,000
```

Yanzu hannun jari na gama-gari miliyan 50 ne, ajiyar fansar jari 20, tarin riba 14. Jimilla 84. Kadarori sun koma miliyan 124, a cire bashin 40, saura 84 cif. Abin da aka kulle ya dawo 70 kamar jiya, abin da ake iya rabawa ya faɗo daga 35 zuwa 14. Bambancin miliyan 21 shi ne daidai abin da ya fita daga banki. Masu hannun jari na gama-gari ne suka biya fansar da ribar da da za ta shiga aljihunsu, kuma haka ya dace, tunda su ne suka huta da biyan miliyan 2 duk shekara.

Kalmar "ajiya" tana yaudarar mutane, har da wasu daraktoci. Sukan zaci akwai miliyan 20 a ɓoye a wani asusun banki, da za a ciro ranar da gari ya yi zafi. Babu. Kuɗin ya tafi tare da waɗanda aka sallama. Ajiyar rubutu ce kawai da ke cewa wannan yanki na dukiyar kamfani, ko inji ne ko buhunan shinkafa, ya fita daga jerin abin da ake rabawa. Doka tana ɗaukarsa tamkar jarin da aka biya, don haka rage shi sai an bi doguwar hanyar rage jari da dokar ta shimfiɗa.

Irin wannan ruɗanin yana zuwa ta ɗaya fuskar ma. Riba a littafi daban, tsabar kuɗi daban. Da kamfanin yana da ribar miliyan 35 amma miliyan 6 kacal a banki, doka ba ta hana shi fansa ba, aljihu ne ya hana. Sai ya sayar da wata kadara ko ya ci bashi. Bashin yana kawo tsabar kuɗi, amma ba ya ɗauke wajabcin shigarwa ta huɗu, domin bashi ba jari ba ne. Har yanzu miliyan 20 za a kulle daga riba.

Kuskuren da ɗalibai suka fi yi a jarrabawa shi ne su tura miliyan 21 zuwa ajiyar, su haɗa da ƙarin. Ramin da ya buɗe a jari na miliyan 20 ne, shi kaɗai ake cikewa. Gane kuskuren ba wuya: a haɗa jari da ajiyar bayan fansa, a kwatanta da jarin kafin fansa. In 70 ya koma 71, an yi ƙari. In ya koma 50, an manta shigarwar ɗungurungum. Wani kuskuren shi ne ɗebo miliyan 20 ɗin daga inda bai halatta ba. Idan filin kamfani ya yi tsada aka sake masa kima, ƙarin da aka rubuta ba ribar rabawa ba ce tunda ba a sayar da filin ba. Ɗaukarsa a zuba a ajiyar fansa kamar kwashe hatsi ne daga rufaffen rumbu zuwa wani rufaffen, alhali buɗaɗɗen da ake ci yana nan yadda yake.

Sau da yawa kamfani kan haɗa hanyoyin biyu. A ce masu casar shinkafar ba su so ribarsu ta ƙwaƙule haka, sai suka sayar da sabon hannun jari na gama-gari na miliyan 8 a kan ƙimarsa don taimaka wa fansar. Sabon jarin ya cike miliyan 8 na ramin, saura 12, kuma 12 ɗin kawai za a tura ajiya. Lissafin bai canza ba: 58 da 12, 70 ke nan.

To ajiyar haka za ta zauna har abada? Ƙofa ɗaya doka ta bar mata a buɗe. Kamfani na iya amfani da ita ya ba masu hannun jarinsa sabbin hannayen jari kyauta, waɗanda ake ɗauka an biya kuɗinsu duka:

```
Dr  Ajiyar fansar jari           20,000,000
    Cr  Hannun jari na gama-gari     20,000,000
```

Wanda ke da hannu biyar zai sami ƙarin biyu, tunda miliyan 20 ake rabawa a kan 50. Ba a ba kowa tsabar kuɗi ba, kuma rabon kowa a kamfanin bai ƙaru ba. Ajiyar ta ɓace daga littafi, hannun jari na gama-gari ya tashi zuwa miliyan 70, adadin da dillalin shanshera ya gani ranar da ya yarda ya sauke kayansa a ƙofar siton bashi.