Yadda ake karanta sanarwar ɗauke wutar lantarki: misalin aikin layin Kukwaba zuwa Apo

Sanarwar ɗauke wuta da kamfanonin lantarki ke fitarwa ba ta cika wuce 'yan layuka ba. Takan faɗi dalilin ɗauke wutar, da wuraren da abin zai shafa, da tsawon lokacin, sannan ta rufe da ban haƙuri. Duk da gajartarta, mai walda ko mai sayar da ƙanƙara da ya yi mata gurguwar fahimta yana iya tafka asarar yini guda ko fiye. Abin da ya fi rikita masu karatu shi ne, sanarwar tana bin hanyar da wayoyi suka bi ne, ba iyakokin unguwanni ba.

A watan Janairun 2025, Kamfanin Rarraba Wutar Lantarki na Abuja, AEDC, ya sanar da cewa za a samu katsewar wuta na kimanin mako biyu, daga ranar 6 ga watan. Dalili shi ne Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya, FCDA, na buƙatar a matsar da wasu turakun layin Kukwaba zuwa Apo domin aikin babbar hanyar da ta zagaya kudancin birnin. Cikin wuraren da aka lissafa akwai Lugbe, Kubwa, Karu, Nyanya, Mararaba da Keffi. Jama'a da dama sun ɗauka za a kwashe mako biyu cur cikin duhu, alhali bayanin Kamfanin Dakon Wutar Lantarki na Ƙasa, TCN, ya nuna cewa aikin na rana ne, daga ƙarfe 9 na safe zuwa 4 na yamma, kuma za a riƙa raba wutar da ta rage bi da bi.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya duba shi ne lambar da ke gaban haruffan kV, domin ita ce ke nuna girman layin. Layukan 330kV da 132kV na TCN ne, su ne ke dakon wuta daga tashoshin samarwa zuwa manyan tashoshin rage ƙarfi. Daga nan kamfanin rarrabawa ke karɓa a layin 33kV, ya sauke ta zuwa 11kV, har ta isa taransifomar unguwa, wadda ke ba gidaje wutar da suke amfani da ita. Idan aikin a kan layin 11kV ne, 'yan unguwanni kaɗan zai shafa. Idan kuwa a kan 132kV ne, duk layukan da ke sha daga gare shi za su ji a jikinsu.

Wannan ne ya sa sunan Keffi, da ke Jihar Nasarawa, ya fito a sanarwar aikin da ake yi a cikin Abuja. Idan aka kashe babban layi guda, sai a juya wuta ta wasu hanyoyi, waɗanda ba za su iya ɗaukar dukan nauyin ba. Dole ke nan a rage wa wasu wurare, ko da suna nesa da inda ma'aikata suke aiki.

Haka kuma ake fassara kalmomin "wani ɓangare na" da "da kewaye", waɗanda kusan kowace sanarwa ke ɗauke da su. Unguwa ɗaya tana iya shan wuta daga layuka biyu ko uku, waɗanda ma'aikata ke kira fida. Gida biyu da ke fuskantar juna a titi ɗaya na iya kasancewa a kan fida daban-daban, ɗaya da wuta, ɗaya babu. Don haka rashin ganin sunan unguwa a jerin ba tabbaci ba ne cewa an tsira. Hanya mafi inganci ita ce mutum ya san sunan fidar da gidansa ko shagonsa yake kai, ta hanyar tambaya a ofishin kamfanin da ke yankinsa, ya riƙa neman wannan suna a kowace sanarwa.

Abu na biyu shi ne lokaci. Akwai bambanci tsakanin "daga ranar kaza zuwa ranar kaza" da kuma "ƙarfe 9 zuwa 4 a kowace rana". Na biyun yana nufin awa 7 a kullum, da sa ran wuta ta dawo da yamma. Mai injin niƙa da ya gane haka zai iya mayar da aikinsa sassafe ko dare, ya kuma lissafa man janareto na awa 7 maimakon na yini da kwana.

Sai dai lokacin da aka rubuta ƙiyasi ne. Kafin ma'aikata su taɓa layi, sai an kashe shi, an ware shi daga sauran, an haɗa shi da ƙasa, an kuma ba su takardar izinin aiki. Idan sun gama, ba a mayar da wuta sai an tabbatar kowa ya sauka, an cire kayan kariya, an mayar da takardar. Ruwan sama ko wata ɓarna da aka gano a tsakiyar aiki na iya ƙara sa'o'i. Aikin yana kuma iya ƙarewa da wuri, shi ya sa babban haɗari ne wani ya hau turke ko ya taɓa waya da hujjar cewa sanarwa ta ce babu wuta sai yamma. Mai janareto shi ma wajibi ne ya raba gidansa da layin kamfani kafin ya tayar, domin wutarsa tana iya komawa kan waya ta kama ma'aikacin da ke aiki.

Abu na uku shi ne ban haƙurin da ke ƙarshe. Ladabi ne, amma bai shafe haƙƙin mai biyan kuɗi ba. Ƙa'idojin Hukumar Kula da Harkokin Lantarki ta Ƙasa, NERC, sun tanadi a ba masu amfani da wuta sanarwar aƙalla kwana uku na aiki kafin a ɗauke wuta domin gyaran da aka tsara. Saƙon da aka fitar bayan wuta ta riga ta tafi bayanin lalacewa ne, ba sanarwar aikin da aka shirya ba.

Akwai kuma batun rukuni. An kasa layuka gida biyar bisa mafi ƙarancin sa'o'in wuta a rana: rukunin A awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. Layin da ya rasa wuta awa 7 ba zai samu fiye da awa 17 ba a wannan rana, wato ya gaza alkawarin rukunin A, wanda masu shi suka fi kowa biyan kuɗi. Umarnin da NERC ta bayar a watan Afrilun 2024 ya ce idan aka gaza cika alkawarin kwana biyu a jere, kamfani ya wallafa dalili, idan kuma ya kai kwana bakwai a jere, a sauke layin zuwa rukunin da ya dace da wutar da yake samu.

Saboda haka yana da kyau a adana hoton sanarwar, a kuma riƙa rubuta lokacin da wuta ta tafi da lokacin da ta dawo. Idan wa'adi ya wuce, maƙwabta da ke kan fida ɗaya sun samu wuta amma wani layin gidaje bai samu ba, mai yiwuwa matsalar daga taransifoma ce, sai a kai rahoto nan take. Ƙorafi yana farawa ne daga sashen sauraron koke na kamfanin, a rubuce. Idan ba a warware ba, sai a wuce ofishin sauraron ƙorafi na NERC, ko hukumar lantarki ta jiha a jihohin da suka karɓi ragamar kula da harkar a ƙarƙashin Dokar Lantarki ta 2023.