Tururin Fetur a Cikin Gida

Ruwan fetur ba ya kamawa da wuta kai tsaye. Abin da ke ci shi ne tururin da ke tashi daga samansa, bayan ya gauraya da iska. Kananzir sai ya ɗumama zuwa digiri 38 na ma'aunin Salshiyas kafin ya fitar da tururin da ashana za ta iya kunnawa, amma fetur tun yana digiri 40 ƙasa da sifili yake fitar da nasa. Ke nan ko da sanyin hunturu, jarkar da murfinta bai zauna ba tana ta zubar da tururi, balle a zafin bazara.

Wuta na kama wannan tururi ne idan yawansa a cikin iska ya kai tsakanin kashi 1.4 da 7.6 cikin ɗari. A ɗauki ɗakin ajiya mai mita uku tsawo, uku faɗi, inda rabin lita ta tsiyaye daga jarkar janareta ta bushe. Rabin litar nan za ta ba da tururi wajen lita 90. Da yake ya ninka iska nauyi sau uku zuwa huɗu, ba ya fita ta taga, kwanciya yake a ƙasa. Idan ya mamaye rabin mita daga daɓe, wato iska lita 4,500, yawansa ya kai kashi 2, ya shiga iyakar kamawa. Daga nan yakan silale ta ƙarƙashin ƙofa har ya riski kurfoti a tsakar gida ko tartsatsin firji, sai wutar ta biyo sawunsa zuwa jarkar. Ruwan fetur yana tsayawa inda aka gan shi, a goge shi. Shi kuwa tururi ba a ganinsa.

Wani zai ce ai cikakkiyar jarka ta fi wofi haɗari, tunda ta fi mai. In gobara ta tashi, gaskiya ne ita za ta fi ciyar da ita. Amma wajen fashewa lamarin ya sha bamban. Sararin da ke saman mai a rufaffiyar jarka tururi ya yi masa yawa, ya zarce kashi 7.6, iskar ba ta isa ba. Da an juye man, iska ta shiga ta tarar da ɗan saura a gindi, haɗin na iya faɗawa daidai inda yake fashewa. Shi ya sa duron da aka ce babu komai a ciki yake tarwatsewa a hannun mai walda.

Masu cewa wari zai gargaɗe su ma suna da rabin gaskiya. Hanci na jin fetur tun bai kai haɗari ba, sai dai yana sabawa cikin mintuna kaɗan, kuma mutum a tsaye yake shaƙa, alhali tururin ya fi kauri a wajen sawunsa.