Miliyan Ɗaya, Wata 12: Nawa Ne Biyan Wata?

Kwanaki ƙanwata, wadda ke koyarwa a wata makarantar firamare, ta kawo mini takardu biyu daga wuraren ba da rance biyu. Miliyan ɗaya take nema ta ƙarasa rufin gidanta kafin damina. Duka takardun sun ce ruwa kashi 24 cikin 100 ne a shekara, biya cikin wata 12. Amma ɗaya ta ce za a riƙa cire mata naira 94,560 duk wata, ɗayar ta ce 103,333. Ta ce, "Yaya, wanne ne ya yi kuskure a cikinsu?"

Babu wanda ya yi kuskuren lissafi. Hanya biyu suka bi, kuma wanda ya iya fitar da lambar farko da hannunsa zai gane abin da ta biyun ta ɓoye.

Rancen da muke magana a kansa shi ne wanda ruwansa ba ya canzawa tun daga ranar sa hannu, kuma abin da ake biya kowane wata daidai yake da na watan da ya wuce. Abu uku kawai ake buƙata: uwar kuɗi, ruwan shekara, da yawan watanni. Matakin farko shi ne mayar da ruwan shekara na wata, tunda wata-wata ake biya. Kashi 24 a raba 12, ya zama kashi 2 cikin 100 a wata, wato 0.02 idan za a danna a kalkuleta. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe: wani ya sa 24 ko 0.24 a gurbin 0.02, sai lamba ta fito masa mai tayar da hankali.

Kafin mu je ga dabarar, ya kamata a ga yadda kuɗin ke tafiya, domin a nan ne ma'anar take. Ƙarshen watan farko, ana bin ƙanwata miliyan ɗaya cif, ruwansa kashi 2, wato 20,000. Ta biya 94,560. A ciki 20,000 ta tafi wa ruwa, sauran 74,560 ta rage uwar kuɗi, bashin ya koma 925,440. A wata na biyu kan wannan ragowar ake lissafa ruwa, sai ya sauko zuwa 18,509. Tunda biyan bai canza ba, abin da ya ci uwar kuɗi ya ƙaru zuwa 76,051, bashin ya koma 849,389. Haka za a yi ta tafiya, rabon ruwa na raguwa, rabon uwar kuɗi na ƙaruwa. A wata na 12 abin da ya rage kimanin 92,705 ne, ruwansa 1,854, biyan ƙarshe ya share su duka. To 94,560 ita ce lamba guda da idan aka biya ta sau 12, bashin zai mutu daidai a wata na ƙarshe, babu ragowa babu rara.

Yaya ake gano ta ba tare da gwaji da canki-canka ba? A ɗauka ba a biya ko sisi ba har shekara. Kowane wata bashin zai ninku da 1.02, ruwa na hawa kan ruwa. A ninka 1.02 da kansa har ya zama guda 12 a jere, za a samu 1.268242, wato miliyan ɗaya ta zama 1,268,242. Wannan tulin ne biya 12 ɗin za su rushe. Sai dai biyan ba nauyinsu ɗaya ba. Na watan farko ya hana ruwan wata 11 taruwa a kansa, na biyu ya hana na wata 10, na ƙarshe bai hana komai ba. Idan aka haɗa nauyinsu duka, biya 12 suna aikin biya 13.412. A raba 1,268,242 da 13.412, ga 94,560 nan ta fito.

Wannan tunanin ne aka dunƙule a layi ɗaya. A ce P uwar kuɗi, r ruwan wata, n yawan watanni, M biyan wata:

```
M = P × r × (1 + r)^n ÷ ((1 + r)^n − 1)
```

Da kalkuletar waya aikin bai kai minti biyu ba. A fara da 1.02 a ɗaga shi zuwa 12, da maɓallin da ke da alamar x^y, a rubuta 1.268242 a gefe. A ninka miliyan ɗaya da 0.02, a samu 20,000. A ninka 20,000 da 1.268242, a samu 25,364.84. Sai a debe 1 daga 1.268242, ya rage 0.268242. A raba 25,364.84 da 0.268242: kimanin 94,560. Gargaɗi ɗaya: kada a gajarta lambar nan ta tsakiya. Wanda ya mayar da 1.268242 ta zama 1.27 don sauƙi zai samu 94,074, ya kauce da kusan naira 500 a kowane wata. A bar lambobi shida bayan ɗigo. Mai kwamfuta ko manhajar Excel ko Google Sheets a waya, layi ɗaya ya ishe shi:

```
=PMT(24%/12, 12, -1000000)
```

Lissafin bai san naira da sefa ba; mutumin Maraɗi zai sa nasa adadin, hanyar ɗaya ce.

Jimillar abin da ƙanwata za ta biya a takardar farko kimanin 1,134,700 ne, wato ruwa kusan 134,700. Za ka ce ai kashi 24 na miliyan 240,000 ne, ina sauran? Babu sauran, domin ba ta riƙe miliyan ɗin shekara guda ba. Tun watan farko ta fara mayarwa, kuma idan aka daidaita, abin da ke hannunta a tsawon shekarar ya ɗan haura rabi ne kawai. Daga nan ma akwai gwajin da ake yi da ka: a ɗauki ruwan watan farko, a ninka shi da rabin yawan watanni bayan an ƙara ɗaya. Wato 20,000 sau 6.5, ya ba da 130,000. Ainihin lambar za ta ɗan haura wannan kaɗan. Idan abin da aka rubuta maka ya kusa ninkinsa, to da wata hanya aka yi lissafin.

Ita ce hanyar takarda ta biyu, wadda ma'aikatan banki ke kira filat. An ɗauki 240,000 ɗin nan gaba ɗaya, an ɗora kan miliyan, an raba 1,240,000 gida 12, aka samu 103,333. Lissafi ne mai sauƙi, kowa zai iya bin sa, shi ya sa yake shiga rai. Amma a wata na 12, lokacin da abin da ya rage na uwar kuɗi bai kai dubu 100 ba, har yanzu ana karɓar ruwan miliyan cikakke, 20,000. Ana biyan haya ne kan kuɗin da tuni aka mayar wa mai su. Bambancin takardun biyu a shekara ya haura naira 105,000. Idan aka auna 103,333 da ma'aunin takardar farko, ruwan da ke cikinta ya kusa kashi 42 a shekara. Ana iya gani da ido:

```
=RATE(12, -103333, 1000000)*12
```

A ganina, rubuta "kashi 24" a kan takardun biyu ba tare da bayyana hanyar ba rashin adalci ne ga mai karɓa, musamman ƙaramin ma'aikaci da 'yar kasuwa da ba su da wanda zai duba musu. Tambayar da na ce ƙanwata ta yi musu ita ce: "Ruwan nan kan ragowar bashi ake lissafa shi, ko kan uwar kuɗi gaba ɗaya?" Sannan ta nemi jadawalin biya, mai nuna rabon ruwa da na uwar kuɗi wata bayan wata. In layin ruwa yana raguwa, hanyar farko ce. In lamba ɗaya ce tun daga sama har ƙasa, filat ne.

Sai maganar tsawon lokaci, wadda ita ce ta fi ruɗar mai albashi, don idonsa na kan abin da za a cire masa ƙarshen wata. Da miliyan ɗin nan da ruwan nan, in aka kai wata 24, biyan ya sauko 52,871, ruwa kuwa ya haura zuwa kimanin 268,900. Wata 36, biya 39,233, ruwa kimanin 412,400. Wata 60, biya 28,768, ruwa ya wuce 726,000. A lura, ninka watanni bai raba biyan biyu ba: rabin 94,560 ai 47,280 ne, ba 52,871 ba. Kuma komai tsawon lokacin da aka ja, biyan ba zai taɓa sauka ƙasa da 20,000 ba, domin wannan ruwan watan farko ne kaɗai. Ba na cewa dogon zango laifi ne. Wanda albashinsa ba zai ɗauki 94,560 ba dole ya ja. Amma ya ninka biyan da yawan watanni ya ga jimillar kafin ya sa hannu.

Wanda ke son biyan bashinsa gaba ɗaya a tsakiyar hanya shi ma ya san cewa rabin lokaci ba rabin bashi ba ne. Bayan biya shida cikin 12, abin da ake bin ƙanwata kimanin 529,670 ne, saboda watannin farko ruwa ya fi cin rabonsa.

Dabarar tana da iyakarta. Ta ɗauka cewa biyan farko zai zo wata guda cif bayan karɓar kuɗi, kuma watanni duk tsawonsu ɗaya. Wasu bankuna da kwanaki suke lissafi, don haka bambancin 'yan ɗaruruwan naira ba abin tashin hankali ba ne. Na dubbai ne ke neman bayani. Ba ta san kuɗin gudanarwa ko na inshora ba. In aka cire 20,000 tun farko, 980,000 ta shigo hannu amma ana biyan 94,560, ainihin ruwan ya kai kusan kashi 28. Kuma in takardar ta ba banki damar canza ruwa a hanya, rancen ya fita daga irin wanda muke lissafawa. Haka nan a duba ko kason da aka rubuta na wata ne: kashi 5 a wata kashi 60 ne a shekara.

Da yawa cikin masu karanta wannan ba sa cin bashin ruwa saboda addini, sun fi zuwa irin bankin Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012. A cinikin murabaha banki ne ke sayen kaya ya sayar maka da ribar da aka yi yarjejeniya a kai, sai a raba jimillar farashin kan watanni, raba kawai ba tare da dogon lissafi ba. Hukuncinsa daban ne, kuma wannan fagen malamai ne. Amma wajen auna tsada, layin RATE ɗin can yana aiki: a sa farashin kayan na kuɗi hannu, biyan wata, da yawan watanni.

Ƙanwata ta koma wurin masu takarda ta biyu da tambayarta, suka tabbatar mata kan uwar kuɗi ne. Na farkon kuma suka ba ta jadawali, muka bi shi layi-layi da kalkuleta: 20,000, sai 18,509, har zuwa 1,854 a layin ƙarshe.