Bayanin Zakkar Ɗan Kasuwa: Kuɗin Ajiya, Zinariya da Haja

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa 'yan kasuwa, ga bayanin yadda ake lissafin zakkar dukiyar ciniki bisa mazhabar Imamu Malik, kamar yadda malamanmu ke karantarwa a cikin Risala da Muhtasar.

Farko ku sani nisabi dinari 20 ne na zinariya, ko dirhami 200 na azurfa. A awon yau dinari 20 wajen giram 85 ne na tsantsar zinariya. Wanda zai san nisabin kuɗi sai ya tambayi farashin giram ɗaya a ran da shekararsa ta cika, ya riɓa sau 85. Mu ƙaddara giram ya kama Naira 150,000, to nisabi ya zama Naira 12,750,000 ke nan. Wannan misali ne kawai, domin farashin zinariya ba ya zama wuri ɗaya. Abin da ake fitarwa kuwa rubu'in ushuri ne, watau ɗaya daga cikin 40, Naira 25 a kowace dubu. Shekarar da ake ƙirgawa ta wata ce, ta Hijira.

Mazhabarmu ta kasa 'yan kasuwa gida biyu. Akwai mai jujjuyawa, shi ne Mudiru, irin mai shagon atamfa a Kantin Kwari, wanda kaya ke shiga suna fita kullum. Akwai kuma mai jiran kasuwa, shi ne Muhtakiru, irin wanda ya sayi riɗi ko wake da kaka a Dawanau ya kimshe a sito har farashi ya tashi.

Mu fara da mai jujjuyawa. Ran da shekara ta kewayo wa jarinsa, sai ya zauna da littafinsa ya yi wa hajarsa kima. Ba kuɗin da ya saro ta zai rubuta ba, sai abin da za ta yi a kasuwa a ranar. Mu ce ya saro kaya kan Naira miliyan 17, amma yau kimarsu miliyan 20 ce: miliyan 20 zai rubuta. Har kwantai yana ciki, sai dai a yi masa kima gwargwadon yadda ya faɗi. Amma shagon kansa, da kanta, da sikeli, da motar ɗaukar kaya, duk ba sa shiga lissafi, tun da ba don sayarwa aka ajiye su ba.

Sa'an nan ya haɗa da tsabar kuɗin da ke aljihun tebur da na banki, mu ce miliyan 5. Sai bashin ciniki da yake bin abokan hulɗa, wanda lokacin biyansa ya yi, kuma masu shi suna da halin biya, mu ce miliyan 3. In akwai miliyan 1 a wurin wanda ya karye ko ya gudu, ba a sa shi, sai ran da Allah ya sa ya dawo hannu a fitar masa da zakkar shekara ɗaya. Jimla ta zama miliyan 28.

To, shi ma dila yana bin sa miliyan 4. Nan ne da yawa ke kuskure. Bashi yana rage dukiyar zakka in mutum ba shi da wata kadara da za ta tsaya a madadinsa. In ba shi da ita, sai ya cire 4 daga 28, saura miliyan 24, a raba gida 40, zakkarsa Naira 600,000. Amma in yana da fili da ya shekara a hannunsa, wanda kimarsa ta kai miliyan 4, to filin ya tare bashin, sai ya fitar wa miliyan 28 duka, watau Naira 700,000. Kun ga bambancin Naira 100,000, kuma hakkin matalauta ne.

Kada wani ya ce ribar watan jiya ai ba ta shekara ba. Shekarar riba ita ce shekarar uwar kuɗi. Gado da kyauta su ne ake buɗe musu sabuwar shekara daga ran da aka karɓa.

Mai jiran kasuwa shi ba ya yi wa kaya kima kowace shekara. Sai ya sayar, in kuɗin ya kai nisabi kuma shekara ta riga ta kewayo wa jarin, ya fitar nan take. Ko riɗin ya yi shekara biyu a sito, zakkar shekara ɗaya ce. In ya sayar kan miliyan 16, Naira 400,000 zai fitar. Sai dai wanda ke sayarwa kullum kada ya laƙaba wa kansa sunan mai jira don ya tsere wa zakka.

Zinariyar da mace ke ado da ita babu zakka a kanta a wurin Malikiyya, ko da yake Hanafiyya sun wajabta. Wadda aka saya don a ɓoye dukiya saboda faɗuwar Naira, ko don a sayar, ita kam akwai zakka. A lura da tsantsarta: mai lamba 21 kashi 7 cikin 8 ne zinariya, saboda haka giram 100 nata giram 87 da rabi ne, ta haura nisabi. Kuma ana haɗa zinariya da kuɗin ajiya: rabin nisabi nan, rabi can, zakka ta wajaba.

Saura rabo. Allah da kansa ya ambaci kashi takwas a Suratut Tauba, aya ta 60: fakirai, miskinai, masu aikin tattara ta, waɗanda ake lallashin zukatansu, 'yanta bayi, masu bashi, tafarkin Allah, da matafiyin da guzuri ya yanke masa. Ba dole sai an game su duka ba, a duba inda bukata ta fi tsanani. Ba a ba wanda ciyar da shi ke wuyanka, kamar matarka, da 'ya'yanka ƙanana, da iyayenka matalauta. Amma ɗan'uwa ko gwaggo mabukaciya ana ba su. Ba a gina masallaci da ita, ba a biyan ladan yaron shago da ita. Wanda kake bi bashi ya kasa biya, ba ya isarwa ka ce na yafe maka a bakin zakka. A fitar da kuɗi, kada a kwaso yadin da ya ƙi sayuwa a ce an yi zakka. A ƙulla niyya lokacin ware ta, kuma a raba ta a garin da dukiyar take, sai fa in wani wuri ya fi bukata.

Muna jan hankali kan masu tara jama'a a ƙofar gida suna miƙa dubu ɗaiɗai. Malamai sun halatta a ba mabukaci abin da zai ishe shi shekara. Naira 600,000 ɗin nan in aka ba mutum uku, kowa 200,000, sai wata mai marayu ta ja jarin ƙosai, wani ya sauke bashin asibiti. Wanda bai san mabukata ba, a Kano akwai Hukumar Zakka da Hubusi da aka kafa a 2003, yana iya miƙa mata.

Wanda lissafinsa ya rikice, kamar masu tarayya a jari, ya ɗauki littafinsa ya je gaban malami kafin ya raba. Allah ya sa albarka a kasuwa, ya karɓa mana. Wallahu a'alamu. Tammat.