Tsarin Darasin Dare a Ajin Yaƙi da Jahilci

Darasin dare bai kamata ya wuce awa ɗaya ba, domin tela ko ɗan dako da ya wuni yana aiki hankalinsa na gushewa da wuri. Bayan sallar isha'i, malami kan buɗe da minti goma na bitar karatun jiya da baki.

Sabon abu shi ke biye, tun kafin gyangyaɗi ya soma. Kalma guda ta isa, misali "kasuwa". A raba ta: ka, su, wa. Ɗalibai su juya gaɓoɓin su fitar da "suka", "wasu" da "kaka", sannan su rubuta su. Wannan zai ci minti talatin.

Idan amsar aji ta raunana, ko aka ga fensira a ajiye, gajiya ta shigo. Sai a tashe su bibbiyu zuwa allo. Sauran lokacin na lissafin cinikin yini ne. Aikin gida kuwa kada ya wuce layi biyu.